Amsa Wa Mai Ɗaukar Aiki Idan Ya Ce Kasafinsa Bai Kai Albashin Da Aka Nema Ba

A cinikin kasuwa, idan mai saye ya yi tayi, mai kaya kuma ya ce albarka, dukansu biyu sun san cewa ciniki bai watse ba, domin kalmar tana nufin a ƙara tayi ne, kuma mai sayen da ya juya ya tafi a kanta ya nuna bai san kasuwa ba. Irin wannan matsayi ne mai neman aiki yake samun kansa a ciki lokacin da ya faɗi albashin da yake so, mai ɗaukar aiki kuma ya amsa masa da cewa kasafin da aka ware wa kujerar bai kai haka ba. Abin da ya bambanta wannan da cinikin shago shi ne mutanen biyu za su ci gaba da zama a ma'aikata ɗaya shekara da shekaru idan aka daidaita, saboda haka yadda aka yi maganar yana da nauyi daidai da kuɗin da aka tsaya a kai. Wannan jagora ta taƙaita ne a kan kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji a Nijeriya, kuma za ta bi misali guda ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa.

Abin da kalmar kasafi take nufi a bakin mai ɗaukar aiki

Kasafi shi ne adadin kuɗin da ma'aikata ta amince tun farkon shekara cewa za ta kashe a kan wani abu, kuma idan jami'in kula da ma'aikata ya ambace shi, yana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku waɗanda amsarsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne tsarin matakan albashi, inda kowace kujera take da mafi ƙarancin kuɗi da mafi yawansa, kuma ba a yarda sabon ma'aikaci ya haura wanda ya tarar a kan mataki ɗaya da shi ba, domin albashi ba ya ɓoyuwa a ofis, kuma ranar da tsofaffin ma'aikata suka ji labari ranar ce rigima za ta tashi. A irin wannan tsari akwai ɗan fili tsakanin ƙasan matakin da samansa, kuma yawanci ana fara yi wa sabon mutum tayi ne daga ƙasa ko daga tsakiya.

Na biyu shi ne kasafin da wani daga waje ya ƙulle, kamar yadda ake gani a ƙungiyoyin agaji masu aiki da kuɗin masu ba da tallafi. A nan an rubuta albashin kowace kujera a cikin yarjejeniyar tallafin tun kafin a fitar da sanarwar neman ma'aikata, kuma shugaban ofis ba shi da ikon ɗebo kuɗi daga layin sayen magani ko na man mota ya zuba a layin albashi sai da izinin mai tallafin. Na uku kuma shi ne kasafin da yake cikin kan mai kamfani kawai, kamar yadda yake a yawancin ƙanana da matsakaitan kamfanoni, inda kalmar take nufin abin da Alhaji ya yi niyyar biya, wanda kuma zai iya sauyawa cikin zama ɗaya idan ya gamsu cewa mutumin zai dawo masa da kuɗinsa.

Aikin farko na mai neman aiki shi ne ya gano wanne daga cikin ukun nan yake fuskanta, kuma tambaya ɗaya mai ladabi tana iya bayyana masa hakan: ya nemi a gaya masa ko adadin da aka ambata shi ne ƙarshen matakin kujerar, ko kuwa akwai tazara a cikinsa. Idan jami'in ya amsa da sunan mataki da iyakokinsa, tsari ne na farko. Idan ya ambaci yarjejeniyar tallafi da ranar ƙarewarta, na biyu ne. Idan kuwa ya ce sai ya yi magana da maigida, na uku ne, kuma wannan amsa da kanta tana nuna cewa ƙofa a buɗe take.

Amsar farko

A daidai lokacin da aka faɗi adadin, ko ta waya ko gaba da gaba, kuskure biyu ne suka fi yawa. Wani yakan karɓa nan take saboda tsoron kada aikin ya kuɓuce masa, wani kuma yakan nuna ɓacin rai ya maimaita adadinsa na farko kamar bai ji abin da aka faɗa ba. Wanda ya karɓa nan take ya rufe wa kansa ƙofa, domin dawowa washegari da neman ƙari yana sa a yi masa kallon mutumin da ba ya tsayawa a kan maganarsa. Wanda ya dage kuma ya bar jami'in ba shi da abin da zai kai wa na sama da shi, sai labarin cewa mutumin ya ƙi.

Amsar da ta dace tana ɗauke da abubuwa uku a jere, wato godiya, da tabbatar da cewa ana son aikin, da neman cikakken bayanin tayin a rubuce tare da ɗan lokacin nazari. Kwana biyu zuwa uku na aiki sun isa, kuma ya fi kyau mai neman aikin ya faɗi ranar da zai dawo da amsa da bakinsa, ya kuma cika ta, saboda wannan shi ne alkawarinsa na farko da ma'aikatar za ta gwada shi da shi. Idan yana magana da jami'a mace wadda ta girme shi, zai iya cewa: "Ranki ya daɗe, na gode ƙwarai da wannan tayi, kuma aikin yana raina. Ina roƙon a turo mini bayaninsa dalla-dalla, da alawus-alawus da abin da ake cirewa, in duba, in sha Allahu zan dawo da amsa ranar Alhamis." A cikin wannan magana bai karɓa ba, bai kuma ƙi ba, kuma ba a rasa komai ba.

Akwai dalili na shari'a da ya sa ake taka-tsantsan da lafazi a wannan gaɓa. Masu karatun fiƙihu sun san cewa ciniki yana ƙulluwa ne da ijabi da kabuli, wato gabatar da tayi daga ɓangare ɗaya da amincewa daga ɗaya ɓangaren. Dokar yarjejeniya da kotunan Nijeriya suke aiki da ita, wadda ta samo asali daga dokar Ingila, tana da ƙa'idar da ta yi fice tun shari'ar Hyde da Wrench ta shekarar 1840, cewa wanda aka yi wa tayi idan ya mayar da nasa sabon tayin, to ya kashe na farkon, kuma ba shi da ikon ya dawo daga baya ya ce ya karɓi na farkon sai idan mai tayin ya sabunta shi. Tambayar neman bayani kuwa ba ta kashe tayi. Saboda haka akwai bambanci babba tsakanin wanda ya ce ba zai yi aikin a kan wannan kuɗi ba sai an ba shi kaza, da wanda ya tambaya ko akwai halin a duba yiwuwar kaza alhali yana nan a kan sha'awarsa ta aikin. A aikace ma'aikatu kaɗan ne suke janye tayi don kawai an nemi ƙari cikin ladabi, domin sun riga sun kashe makonni a kan tantancewa da ganawa, amma wanda ya zaɓi lafazin tambaya ya tsare kansa ta kowace fuska.

Lissafin giɓin na gaskiya

A ɗauka akwai wani akanta a Kano mai shekara biyar a bakin aiki, yana karɓar naira 300,000 a wata kafin cire-cire, kuma wani kamfanin sarrafa kayan abinci a unguwar masana'antu ta Challawa ya zaɓe shi. Ya nemi naira 450,000, aka ce masa kasafin kujerar naira 350,000 ne. A ido giɓin naira 100,000 ne a wata, wato naira miliyan 1.2 a shekara, amma wannan lissafi bai gaya masa komai ba tukuna, saboda bai san abin da ke cikin 350,000 ɗin ba, bai kuma san abin da sabon aikin zai ci masa ba.

Tambayar farko ita ce ta fansho. Dokar gyaran fansho ta 2014 ta tanadi cewa mai ɗaukar aiki zai zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8 cikin ɗari, kuma ana yin lissafin ne a kan aƙalla tsurar albashi da alawus na gida da na sufuri. Tsurar albashi ita ce ginshiƙin kuɗin kafin a ɗora masa kowane alawus. Idan waɗannan ukun sun kai kashi 80 cikin ɗari na 350,000, wato naira 280,000, za a riƙa cire wa akantan naira 22,400 kowane wata, kamfani kuma ya ƙara naira 28,000 daga aljihunsa zuwa asusun fanshonsa. Wasu kamfanoni kuwa idan suka ce kasafi, suna nufin duk abin da kujerar take ci musu har da nasu kason na fansho, kuma idan haka ne, albashin da za a rubuta masa zai sauko zuwa wajen naira 324,000. Bambancin naira 26,000 ne a wata a ɓoye cikin kalma ɗaya, kuma tambaya ɗaya ce take fito da shi: shin kason kamfani na fansho yana cikin adadin ne ko a kansa ake ɗorawa?

Tambaya ta biyu ta shafi abin da ake kira albashin wata na goma sha uku, wato ƙarin albashin wata guda da wasu ma'aikatu suke biya a ƙarshen shekara. Doka ba ta wajabta shi ba, kuma inda ake biyansa wasu suna ba da cikakken albashi, wasu kuma tsurarsa kawai. Idan cikakke ne, ya ƙara wa akantan kimanin naira 29,000 a kowane wata idan aka raba shi gida goma sha biyu, idan kuwa tsurar ce, kuma tsurar naira 140,000 ce, ƙarin bai kai naira 12,000 ba. Inshorar lafiya ita ma ana auna ta ne da abin da mutum yake kashewa da gaske a asibiti da kantin magani: wanda iyalinsa suke cin naira 15,000 a wata a kan magani, wannan shi ne darajarta a wurinsa, ko da kamfani yana biyan fiye da haka a kansa.

Sai kuma ɓangaren abin da aikin zai ci. Akantan yana zaune a Hotoro kusa da tsohon wurin aikinsa, Challawa kuwa tana can wani gefen gari, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama babban layi a kasafin kowane ma'aikaci. Idan zirga-zirgar za ta ƙara masa naira 2,000 a rana, a kwana 22 na aiki ta zama naira 44,000 a wata. Wannan kuɗi daga abin da ya shiga hannunsa zai fita, bayan an cire fansho da haraji. A ƙarƙashin dokar haraji ta 2025 wadda ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba a cire musu komai, amma kuɗin da ya faɗa tsakanin naira miliyan 3 da miliyan 12 ana cire masa kashi 18 cikin ɗari, kuma a nan ne ƙarin da akantan zai samu yake faɗawa. Idan aka haɗa haraji da fansho, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk nairar da aka ƙara masa ba ya isowa hannunsa. Ma'ana, ƙarin naira 50,000 da aka yi masa a takarda zai zama wajen naira 38,000 a aljihu, wanda bai ma biya kuɗin motar ba.

Daga wannan lissafi ne ake fitar da abin da za a iya kira ƙasan ciniki, wato adadin da mutum ba zai sauka ƙasa da shi ba saboda ƙasa da shi zama a tsohon aiki ya fi masa. Akantan yana bukatar kimanin naira 360,000 don kawai ya tsaya inda yake a da, kuma idan ya ƙara naira 20,000 saboda kasadar barin tabbataccen aiki zuwa lokacin gwaji, ƙasan cinikinsa ya zama naira 380,000. Wannan adadi nasa ne shi kaɗai, ba a faɗa wa mai ɗaukar aiki shi, domin duk adadin da aka ji cewa shi ne mafi ƙarancin da mutum zai karɓa, shi ne zai zama tayin ƙarshe. Amfanin lissafin shi ne ya nuna cewa abin da ya raba ɓangarorin biyu da gaske naira 30,000 ne, kuma kuɗin mota ne ya fi ɗaga ƙasan cinikin.

Abubuwan da ake nema idan albashi ya ƙi motsi

Ma'aikata tana kashe kuɗi ta layuka daban-daban, kuma layin albashi shi ne mafi wuyar taɓawa, saboda duk abin da aka ƙara a cikinsa yana dawwama, yana jan fansho, kuma yana zama ma'auni ga sauran ma'aikata. Akwai abubuwan da suke fita daga wasu layukan ko kuma ake biyansu sau ɗaya, kuma jami'i ya fi samun sauƙin amincewa da su: wuri a motar ma'aikata, kuɗin kiran waya da na data, kuɗin ƙaura ga wanda zai baro wani gari, da biyan kuɗin rajista da na jarrabawar ƙungiyar ƙwararru, kamar ICAN ko ANAN ga akantoci. A ƙungiyar agaji da kasafinta yake ƙulle, waɗannan da ƙarin kwanakin hutu da sunan muƙami su ne kusan duk abin da ake iya samu, kuma matsa lamba a kan albashi a can ɓata lokaci ne.

Abu mafi daraja a cikinsu shi ne ƙarin albashi bayan lokacin gwaji, wato watanni uku zuwa shida na farko da ake duba ma'aikaci kafin a tabbatar da shi. Dalilin da ya sa mai ɗaukar aiki yake yarda da shi shi ne yana rage masa kasada, tunda ba zai biya ƙarin ba sai ya ga aiki da idonsa, kuma sau da yawa lokacin yakan faɗa cikin sabuwar shekarar kasafi. Sai dai darajarsa tana ga yadda aka rubuta shi. Jumlar da ta ce za a duba albashin ma'aikaci bayan wata shida ba ta ɗaure kowa ba, domin ana iya dubawa a bar shi yadda yake. Jumlar da take da amfani ita ce wadda ta ƙunshi rana da adadi da sharaɗi, misali cewa daga ranar da aka tabbatar da shi, wadda ba za ta wuce wata shida daga fara aiki ba, albashinsa zai koma naira 400,000.

Ba a jero duk waɗannan buƙatu a lokaci guda. Wanda ya kawo abubuwa bakwai ya bar wa ɗaya ɓangaren damar ya zaɓi mafi araha ya ba shi, ya ce ya yi ƙoƙari. Abu biyu ko uku da suka rufe giɓin da aka lissafa sun wadatar.

Rubuta amsar

Amsa a rubuce ta fi ta baki, ko da an fara da kiran waya, saboda jami'in kula da ma'aikata yawanci ba shi ne mai yanke hukunci ba, kuma yana bukatar abin da zai tura wa manajan kuɗi ko mai kamfani ba tare da ya sake tsara maganar ba. Ko da Turanci aka rubuta ta, kamar yadda aka saba a yawancin ofisoshi, ko da Hausa, gininta ɗaya ne: godiya da son aikin, amincewa da cewa kasafin gaskiya ne, hujja daga aikin da za a yi, buƙata mai adadi tare da zaɓi na biyu, sannan alkawarin sa hannu idan an amince. Ta akantan za ta iya zuwa kamar haka:

"Hajiya, bayan gaisuwa, ina ƙara godiya da tayin kujerar akanta, kuma ina tabbatar miki cewa ina son in yi wannan aiki. Na fahimci bayanin da kika yi mini a kan kasafin kujerar, kuma ba zan tsaya a kan adadin da na ambata da farko ba. A ganawarmu an nuna mini cewa kamfani yana biyan wani daga waje don shirya takardun haraji da daidaita lissafin banki, kuma waɗannan ayyuka biyu ni nake yin su da kaina shekara uku ke nan. Bisa wannan nake tambaya ko akwai halin a kai albashin naira 400,000. Idan hakan ba zai yiwu yanzu ba, ko za a iya farawa da naira 370,000 tare da wuri a motar ma'aikata, a rubuta cewa zai koma naira 400,000 ranar da aka tabbatar da ni bayan wata shida? Duk wanda aka amince da shi cikin biyun nan zan sa hannu a ranar, in fara aiki bayan na cika wa'adin wata guda a inda nake."

Hujjar da ke cikin wannan takarda kuɗin kamfani ta shafa, kuma da gangan aka bar kuɗin haya da na makarantar yara da tsadar abinci a waje. Waɗannan matsaloli ne na gaskiya, kuma a shekarar 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, amma duk wanda ya nemi kujerar yana da irinsu, saboda haka ba sa bambanta mutum da wanda ya zo na biyu a ganawa. Manajan kuɗi yana iya sa hannu a kan ƙarin naira 50,000 idan aka nuna masa cewa zai daina biyan wani abin da ya fi haka, amma ba shi da layin da zai rubuta tausayi a kansa. Jumlar ƙarshe ita ce mafi ƙarfi, domin babban abin da yake hana jami'i zuwa neman ƙari wajen shugabansa shi ne tsoron ya samo ƙarin, mutumin kuma ya sake neman wani ko ya ƙi zuwa.

A ɗauka kamfanin ya amsa cewa naira 370,000 shi ne ƙarshen matakin, ya amince da motar ma'aikata, ya kuma rubuta 400,000 bayan tabbatarwa. A shekarar farko akantan zai karɓi wata shida a kan 370,000 da wata shida a kan 400,000, jimilla naira 4,620,000, alhali tayin farko zai ba shi naira 4,200,000. Ya samu ƙarin naira 420,000, an kuma ɗauke masa yawancin naira 44,000 na mota a kowane wata, duk da cewa bai samu 450,000 da ya fara nema ba. Tunda an ba shi ɗaya daga cikin abin da ya roƙa, sai ya cika alkawari ya sa hannu ba tare da ya ƙara ko da ƙaramar buƙata ba.

Abubuwan da suke sa a janye tayi

Neman ƙari sau ɗaya ba kasafai yake kashe tayi ba. Abin da yake kashe shi shi ne halin da mai ɗaukar aiki ya hango a cikin cinikin. Ƙirƙirar ƙaryar cewa wani kamfani ya yi tayi mafi tsoka tana daga cikin mafi haɗari, saboda jami'an kula da ma'aikata a gari ɗaya sun san juna, kuma ana iya amsawa da cewa Allah ya sa alheri, a je can ɗin. Wanda yake da wani tayin da gaske zai iya ambatonsa sau ɗaya ba tare da barazana ba. Haka nan ƙara wa tsohon albashi gishiri yana tonuwa idan aka nemi takardar biyan albashi ko bayanan asusun fansho. Komawa zagaye na uku da na huɗu, da yin shiru har ranar da aka yi alkawari ta wuce, su ma suna sa a kira wanda ya zo na biyu.

Akwai kuma kuskuren da ya fi faruwa inda aka samu aiki ta hanyar wani babba da ya yi wa mutum hanya. Mai neman aikin yakan koma wajen wannan babba ya roƙe shi ya yi magana da mai kamfani a kan albashi, ya tsallake jami'in da ake magana da shi. Ko da an samu ƙarin ta wannan hanya, an fara zama da mutumin da aka kunyata a gaban shugabansa, wanda kuma fayil ɗin tabbatarwa da na hutu da na ƙarin girma duk ta teburinsa za su bi. Abin da ya dace shi ne a sanar da wanda ya yi hanyar halin da ake ciki don girmamawa, a nemi shawararsa a kan abin da kamfanin ya saba biya, a bar cinikin a inda aka fara shi.

Ana gane cewa an kai ƙarshen abin da za a iya samu idan aka maimaita adadi ɗaya sau biyu tare da dalili ɗaya, ko aka ce an kai maganar sama an dawo da ita, ko aka sa ranar da tayin zai ƙare. A wannan lokaci sai a koma ga ƙasan cinikin da aka lissafa tun farko. Idan tayin ya kai shi, a karɓa da sakin fuska ba tare da gunaguni ba. Idan bai kai ba kuma mutum yana da aiki a hannu, ya ƙi cikin godiya, ya faɗi cewa kuɗin ne kawai ya raba, domin kasafi yana sauyawa kuma akan sake kiran wanda aka rabu da shi lafiya. Wanda ba shi da aiki a hannu kuwa ƙasan cinikinsa ya fi sauka, tunda abin da yake kwatantawa da shi zaman gida ne, kuma ya fi masa ya karɓa ya mai da ƙarfinsa a kan rubutaccen ƙari bayan gwaji.

Kafin ajiye tsohon aiki

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai ɗaukar aiki har wata uku bayan fara aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa, kuma wannan wa'adi ya yi latti ga wanda zai bar wani aiki don wannan. Saboda haka ba a miƙa takardar ajiye aiki sai an karɓi sabuwar takardar ɗaukar aiki mai ɗauke da sa hannu, wadda aka gyara ta ƙunshi abin da aka daidaita a kai. Akantan zai karanta tasa layi-layi ya tabbatar da abu huɗu: cewa an rubuta naira 370,000 a matsayin albashi kafin cire-cire kuma kason kamfani na fansho a kansa yake, cewa adadin 400,000 da wa'adin wata shida suna ciki, cewa an ambaci motar ma'aikata, da kuma cewa ranar fara aiki ta ba shi damar cika wa'adin wata guda. Idan ɗaya daga ciki ya ɓace, sai ya mayar da takardar cikin ladabi a gyara kafin ya sa hannu, domin jami'ar da ta yi alkawarin da baki tana iya barin kamfanin kafin wata shidan su cika, kuma wanda zai gaje ta abin da ya tarar a fayil kawai zai yi aiki da shi.